Yadda Ake Tsara Jadawalin Maki Na Tambayar Insha'i A Kan Matsalar Sharri A Addinan Duniya

Jadawalin maki, wanda malamai suka fi kira makin sikim a ɗakin hutunsu, shi ne takardar da take gaya wa mai duba jarrabawa abin da zai nema a cikin amsa da kuma maki nawa zai bayar idan ya same shi. A darasin nazarin addinai babu tambayar da ta fi wahalar yi wa wannan takarda kamar tambayar sharri, domin mai dubawa yana da tasa aƙidar, ɗalibi yana da tasa, kuma dukansu biyu suna shiga batun da amsar da suka riga suka yi imani da ita tun suna yara. Na shekara da shekaru ina tsara irin wannan jadawali ga 'yan aji biyu, kuma abin da zan bayyana a nan shi ne hanyar da na zauna a kanta bayan kurakurai da dama. Zan bi tambaya guda ɗaya mai maki 20 daga farko har ƙarshe.

Kayan aiki

Kana bukatar manhajar darasin da takardun laccar da aka koyar da gaske a wannan zango, domin ba a neman ɗalibi da abin da ba a taɓa kawo masa a aji ba. Kana bukatar Alƙur'ani mai fassara da Littafi Mai Tsarki a gefenka don tabbatar da lambobin ayoyi, da littafi guda ingantacce a kan addinin Hindu wanda masani a fannin ya rubuta. Littattafan raddi da ake sayarwa a bakin masallaci ko a bakin coci ba za su yi wannan aiki ba, saboda suna bayyana addinin wani ne da niyyar rushe shi. Sai agogo, fensir, jan biro naka, koren biro na mai dubawa na biyu, da takardar shigar da maki mai gurbi huɗu a gaban lambar kowane ɗalibi.

Abu na ƙarshe shi ne abokin aiki, kuma ya fi kyau ya kasance ba addininku ɗaya ba. Idan sashenku ba shi da irin wannan mutum, nemi malamin falsafa ko na tarihi. Idan shi ma babu, ka ajiye jadawalin kwana uku, sannan ka sake karanta shi kana tambayar kanka ko mabiyin kowane addinin da aka ambata zai yarda cewa an faɗi koyarwarsa yadda yake faɗinta.

Mataki na 1: Ka tantance wace matsala ake tambaya

Matsalar sharri a sigarta ta asali maganganu uku ce da ake ganin suna karo da juna: Allah mai iko ne a kan kome, Allah mai alheri ne da rahama, kuma ga wahala nan a duniya. Idan yana da iko kuma yana son alheri, me ya sa jariri yake zuwa duniya da ciwon sikila? A wannan siga tambayar tana fuskantar addinan da suka yi imani da mahalicci ɗaya, wato Musulunci da Kiristanci da Yahudanci. Addinin Buda ba shi da mahalicci da za a tuhuma, saboda haka tambayarsa ita ce daga ina wahala take tasowa kuma yaya ake fita daga cikinta. Addinin Zaradus kuwa ya danganta sharri ga wani ruhu mai gaba da Ahura Mazda, ubangijin alheri a wannan addini. Kuskuren da na fi gani a jadawalin sababbin malamai shi ne su rubuta maganganun nan uku a sama, sannan su bukaci kowane addini ya amsa su, har a rage wa ɗalibi maki saboda bai faɗi yadda Buda ya kare adalcin mahalicci ba.

Akwai kuma tarko a cikin harshenmu. Sharri a bakin Bahaushe yakan nufi ƙage, kamar a ce an yi wa wane sharri, ko kuma mugun nufi na maƙiyi da mahassadi. Ko da an rubuta jarrabawar da Turanci, ɗalibi da Hausa yake tunani, sai ka ga ya cika shafi da zancen hassada da sihiri da sharrin Shaiɗan, bai taɓa fari da ambaliya da cuta ba. Don haka jadawalin ya faɗa ƙarara cewa kalmar ta haɗa abu biyu, muguntar da mutum yake aikatawa da zaɓinsa, da musibar da babu hannun kowa a cikinta.

Mataki na 2: Ka feɗe tambayar

Ga tambayar da za mu yi aiki da ita: "Koyarwar karma ta fi koyarwar ibtila'i iya bayyana dalilin da ya sa marar laifi yake shan wahala. Tattauna wannan magana, kana mai kafa hujja da addinin Hindu da kuma ɗaya daga cikin Musulunci ko Kiristanci." Na zaɓi kalmar ibtila'i da gangan, domin jarrabawa a Hausa tana nufin ta aji da ta Ubangiji duka biyu, kuma a takardar da malamai da yawa za su karanta ba a son kalma mai fuska biyu.

Ka ja layi a ƙarƙashin kalmomin da suke ɗauke da nauyin tambayar. "Ta fi" tana neman kwatanci da yanke hukunci. "Marar laifi" ta taƙaita batun, saboda haka dogon bayani a kan azabar da take sauka a kan azzalumai ya fita daga tambaya. "Tattauna" tana nufin a kawo abin da yake goyon bayan maganar da abin da yake sukarta. "Ɗaya daga cikin" kuwa tana nufin jadawalinka dole ya tanadi hanya biyu masu maki daidai, ta mai zaɓen Musulunci da ta mai zaɓen Kiristanci. Idan a nan ka gano cewa tambayar kanta gurguwa ce, misali an ce kawai "rubuta a kan sharri a addinai", kuma ba a riga an buga ta ba, to ka gyara ta. Idan an riga an yi jarrabawar, sai ka buɗe jadawalin ya karɓi kowace fassara mai ma'ana da ɗalibi zai iya yi wa tambayar, tun da laifin ba nasa ba ne.

Mataki na 3: Ka amsa tambayar da hannunka

A jarrabawar awa biyu mai maki 70, inda tambayar dole take da 30 sauran biyun kuma 20 kowacce, wannan tambaya za ta samu kimanin minti 35. Ka sa agogo, ka rufe littattafai, ka rubuta amsa da biro. Za ka ga ba ka wuce shafi biyu da rabi zuwa uku ba, kuma rabin abin da kake son faɗa bai samu wuri ba. Wannan shi ne iyakar abin da za ka nema a wurin ɗalibi mafi ƙwazo. Malamin da ya tsallake wannan mataki yakan rubuta jadawali mai maudu'i goma sha biyar, wanda shi kansa ba zai iya cikewa cikin awa guda ba.

Mataki na 4: Ka raba makin

Jami'o'in Najeriya galibi suna ba da babban sakamako daga kashi 70 cikin 100 zuwa sama, mai bi masa daga 60, matsakaici daga 50, cin jarrabawa kuma daga 40 ko 45 gwargwadon dokar makaranta. A tambaya mai maki 20 wannan yana nufin 14, da 12, da 10, da 8 ko 9. Ka riƙe waɗannan lambobi a ranka yayin da kake rabo.

Rabona na farko a kan wannan tambaya ya kasance haka: 3 ga fayyace matsalar, 8 ga sanin koyarwar addinan biyu, 7 ga auna hujjoji da yanke hukunci, 2 ga tsarin rubutu. Da ido ya yi kyau. Amma akwai gwajin da nake yi wa kowane rabo, wato in ƙaddara ɗalibin da ya haddace takardar lacca tsaf, ya zuba ta ba tare da ya auna kome ba, in ga nawa zai samu. A wancan rabo zai tashi da 3 da 8 da 2, jimla 13, kashi 65 ke nan, alhali kuwa bai amsa "ta fi" ba sam. Sai na mayar da sani 6, uku ga kowane addini, na ɗaga aunawa zuwa 9. Yanzu mai hadda ba zai wuce 11 ba, wato kashi 55, kuma babu mai kaiwa 14 sai ya yi aikin da tambayar ta nema. Ga 'yan aji ɗaya ana iya barin sani ya ɗan rinjaya, amma daga aji biyu zuwa sama ban yarda aunawa ta gaza kashi biyu cikin biyar na makin ba.

Mataki na 5: Ka rubuta abin da ake sa ran gani

A saman wannan sashe ka rubuta jimla ɗaya da manyan baƙaƙe, cewa abubuwan da ke ƙasa misalai ne, ba a bukatar dukansu, kuma duk wata hujja sahihiya da ba a lissafa ba a karɓe ta. In babu wannan jimla, mai taya ka dubawa zai mayar da jadawalin kamar jerin cefane, yana neman kalmomi yana sa alama.

A ɓangaren Hindu, cikakken maki 3 yana bukatar ɗalibi ya nuna cewa karma ita ce aiki da sakamakon da yake haifarwa, cewa sakamakon yana iya jira har wata rayuwa ta gaba a cikin zagayen haihuwa da mutuwa da ake kira samsara, kuma cewa bisa wannan babu wanda wahala take samu ba tare da sababi daga aikinsa ba. Wannan na ƙarshe shi ne gishirin amsar, domin karma tana warware tambayar ne ta hanyar musanta cewa akwai marar laifi na haƙiƙa. Ɗalibin da ya je nesa zai iya kawo tuhumar da littafin Barahma Sutra ya tattauna, cewa Ubangiji mai son kai ne kuma marar tausayi tun da ya yi wasu cikin daɗi wasu cikin wuya, da amsar malamin Hindu Shankara, wanda ya kwatanta Ubangiji da ruwan sama: ruwa ɗaya ne yake sauka, bambancin amfanin gona daga iri yake. Yaranmu da suka tashi a karkara sukan kama wannan misali da sauri. Da yawa kuma za su rubuta cewa karma ita ce "alhaki kuikuyo ne, mai shi yake bi", ko "abin da ka shuka shi za ka girba". Ka tanadi hukuncin wannan tun yanzu: maki 1 ne, domin karin maganar ya kama sakamakon aiki amma ya bar sake haihuwa, kuma in babu sake haihuwa karma ba ta da abin cewa game da jariri.

A ɓangaren Musulunci ana sa ran aya ta 155 ta Suratul Baƙara, wadda ta ambaci gwaji da tsoro da yunwa da tauyewar dukiya da rayuka da amfanin gona, ko aya ta 35 ta Suratul Anbiya a kan gwaji da sharri da alheri, ko aya ta 2 ta Suratul Mulk. Ƙissar Annabi Ayuba ta dace, haka ma ta Annabi Musa da Halliru a Suratul Kahfi daga aya ta 60 zuwa ta 82, inda abin da ya yi kama da ɓarna ya zamana da hikima a ɓoye. Hadisin da ya ce ko ƙaya ce ta soki mumini ana kankare masa zunubi da ita yana nuna amfanin wahala ga mai ita. Domin maki na uku nakan nemi alamar cewa ɗalibi ya san malaman Musulunci sun yi saɓani a kan batun. Mu'utazilawa sun ce adalcin Allah yana wajabta a biya yara da dabbobi diyyar zafin da suka sha. Mabiya Imam Ash'ari sun ce babu abin da ya wajaba a kan Allah, kuma zalunci ba ya tabbata ga mai sarrafa mulkinsa. Wanda ya kawo ɗaya daga cikin waɗannan daidai ya cika gurbin.

A ɓangaren Kiristanci akwai littafin Ayuba, da wasiƙar Yaƙub sura 1 aya 2 zuwa 4 a kan gwajin bangaskiya da yake haifar da jimiri, da Romawa sura 5 aya 3 zuwa 4. Mafi dacewa da wannan tambaya ita ce Yahaya sura 9, inda almajirai suka tambayi Yesu ko zunubin wa ya sa aka haifi wani mutum makaho, nasa ko na iyayensa, ya ce ba na kowa ba ne. Wannan nassi yana fuskantar tunani irin na karma kai tsaye, kuma ɗalibin da ya lura da haka ya cancanci yabo a gefen takarda. Sai ra'ayin da ake dangantawa ga tsohon malamin Kirista Iraniyus, ra'ayin da masanin falsafa Jon Hik ya farfaɗo da shi a 1966, cewa duniya wurin gina halin ɗan Adam ce kuma wahala tana cikin kayan ginin. Ka yi hattara da malamin Kirista Agustin. Koyarwarsa cewa sharri rashin alheri ne kuma ya shigo ta mugun amfani da 'yancin zaɓi sahihiya ce, ɗalibai kuma suna son rubuta ta domin ita suka fi haddacewa, amma ba koyarwar ibtila'i ba ce. A ba ta maki ne kawai idan ɗalibi ya ɗaure ta da batun marar laifi, misali ta hanyar zunubin asali.

Sannan ka lissafa sukar da ake yi wa kowane ɓangare tare da martaninta, kuma ka tabbata tsawon jerin biyu bai bambanta sosai ba. Ana sukar karma da cewa mutum ba ya tuna laifin da yake biya, to ina darasin. Cewa tana ɗora laifi a kan wanda musiba ta samu. Cewa an yi amfani da ita wajen halatta bambancin ajin haihuwa a Indiya. Da tambayar ina wahalar farko ta fito, wadda ake amsawa da cewa samsara ba ta da mafari. A gefen goyon baya, masanin zamantakewa Makis Weba ya ɗauke ta a matsayin amsa mafi cika ta fuskar tsari. Ana sukar ibtila'i da cewa jaririn da ya mutu yana da wata uku ba shi da hankalin da za a gwada, haka ma dabba. Cewa masanin kome ba ya bukatar gwaji don ya sani. Da cewa wata wahalar karya mutum take yi maimakon ta gina shi. Martanin ya haɗa da cewa gwajin don kafa hujja ne ga bawa, cewa akwai sakayya a lahira, da cewa ilimin mutum bai kai ya hukunta hikimar da bai gani ba. Idan ka ga ka rubuta suka biyar a kan karma da ɗaya a kan addininka, to aƙidarka ce ta riƙe biron, sai ka koma ka cike.

Mataki na 6: Ka rubuta matakan aunawa

Maki 9 na aunawa ba a ƙirga su ɗaya bayan ɗaya, ana sa amsar ne a mataki. Daga 1 zuwa 3 na wanda ya faɗi ra'ayi ba tare da dalili ba, ko ya soki ɓangare ɗaya kawai da abin da ɗaya ɓangaren bai yarda da shi ba tun asali. Daga 4 zuwa 6 na wanda ya kawo suka mai dalili a kan koyarwar biyu amma bai ba kowacce damar kare kanta ba, ko ya auna ɗaya sosai ya taɓa ɗayar sama-sama. Daga 7 zuwa 9 na wanda ya kawo suka da martani a ɓangarorin biyu, ya gwada su a kan misali guda, kuma hukuncin da ya yanke ya fito daga abin da ya gabata. Ka fara daga tsakiyar matakin, wato 2 ko 5 ko 8, sannan ka hau ko ka sauka da ɗaya.

Ƙarƙashin wannan ka rubuta cewa babu hukuncin da ya fi wani maki. Wanda ya ce ibtila'i ya fi, da wanda ya ce karma ta fi, da wanda ya ce tambayoyi daban suke amsawa don haka kwatancin bai tsaya ba, duk suna iya samun 9. Ka guji kalmomi irin su "amsa mai kyau" da "amsa mai kyau ƙwarai" a bayanin matakan, domin ba sa gaya wa mai dubawa abin da zai duba.

Mataki na 7: Ka tanadi hukuncin matsaloli kafin su zo

Wanda ya yi magana a kan addini ɗaya kawai, jimlarsa kada ta wuce 10. Wanda ya kawo Musulunci da Kiristanci duka, a ɗauki wanda ya fi ƙarfi, ɗayan kuma a lissafa shi a aunawa idan ya taimaka. Wanda ya bayyana karma ta addinin Buda a maimakon ta Hindu yana samun makin abin da suka yi tarayya a kai, ba fiye da 2 ba. Kuskuren lambar aya ba ya rage maki idan ma'anar daidai ce, amma ayar da aka ƙirƙira ba ta da maki, kuma a ja mata layi. Wanda ya ce karma ƙaddara ce ya yi kuskure na fahimta, domin karma daga aikin mutum take tasowa.

Mafi nauyi shi ne ɗalibin da ya ƙi tattaunawa saboda taƙawa, ya rubuta cewa ba a tambayar Allah abin da yake aikatawa. Kada a ɗauki wannan a matsayin kauce wa tambaya kai tsaye, domin aya ce, ta 23 a Suratul Anbiya, kuma matsayi ne sananne a ilimin tauhidi. Idan ya bayyana shi a matsayin hujja, ya nuna dalilin da ya sa mahalicci ba ya shiga ƙarƙashin ma'aunin halitta, ya kuma fuskanci mai cewa wannan rufe baki ne kawai, to ya yi aunawa kuma a ba shi makinta. Idan ya rubuta ayar ya ajiye biro, yana matakin farko na aunawa. Wa'azi ba ya jawo ragi, sai dai ba ya kawo maki. Zagin wani addini yana cinye makin tsarin rubutu guda 2, kuma a sanar da shugaban sashe idan ya yi muni.

Mataki na 8: Ka gwada jadawalin a kan takardu na gaske

Kafin ka taɓa jan biro, zaro takardu goma sha biyu daga wurare daban na tarin, ka duba su da fensir, makin kuma ka rubuta a wata takarda dabam. Ba abokin aikinka su ya duba bai ga naka ba. Duk inda kuka bambanta da fiye da maki 2, ku nemi jimlar jadawalin da kowannenku ya fahimta daban, ku gyara ta. Ga takardu uku irin waɗanda suke fitowa kusan kowace shekara.

Ta farko shafi biyar ce da rubutu mai kyau, cike da ayoyi da Larabcinsu. Ta buɗe da cewa sharri daga Shaiɗan yake, ta yi shafi huɗu a kan haƙuri da Annabi Ayuba da saɓanin Mu'utazilawa, ta ba karma layi huɗu da karin maganar kuikuyo, ta rufe da cewa karma ɓata ce domin babu sake haihuwa a Alƙur'ani. Makinta: fayyace matsala 1, Hindu 1, Musulunci 3, aunawa 2, tsari 1, jimla 8. A shekarar da na fara koyarwa na ba irin wannan takarda 14, saboda nauyinta a hannu da kuma daɗin da ayoyin suka yi mini, sai mai dubawa na waje ya dawo da ita da tambaya ɗaya a gefe da koren biro, cewa ina aka auna ibtila'i a cikinta. Babu inda aka auna shi. Sukar karma da Alƙur'ani kuwa daidai take da sukar ibtila'i da littattafan Hindu, kowacce tana gamsar da wanda ya riga ya yarda ne kawai.

Ta biyu ta jera kome daidai kamar yadda yake a takardar lacca, maganganu uku, nau'in sharri biyu, karma da samsara da Shankara, Iraniyus da Jon Hik, sannan ta ƙare da layi ɗaya cewa kowace koyarwa tana da ƙarfi da rauni. Makinta 3 da 3 da 3, aunawa 1, tsari 1 domin babu zaren da ya haɗa sassan, jimla 11.

Ta uku shafi biyu da rabi ce, da goge-goge. Ta ɗauki jariri mai sikila tun sakin layi na farko ta riƙe shi har ƙarshe. Ta ce karma tana da amsa a kansa, amma amsar tana sa uwa ta kalli ɗanta a matsayin mai biyan bashin da ba wanda ya san shi. Ta ce ibtila'i ya fi dacewa da iyayen fiye da jaririn, ta tambaya ko adalci ne a gwada wani da jikin wani, ta kawo diyyar lahira a matsayin martani, sannan ta lura cewa koyarwar biyu duk sun jingina ne da rayuwar da ba a gani, ɗaya ta baya ɗaya ta gaba. Ta yanke cewa karma ta fi cika a lissafi, ibtila'i kuma ya fi barin wurin tausayi, kuma tun da tambayar bayani ta nema, ta ba karma rinjaye kaɗan. Ta manta bambanta nau'in sharri biyu, ta kuma sa ayar Baƙara a Ali Imrana. Makinta: 2, Hindu 3, Musulunci 2, aunawa 8, tsari 2, jimla 17. Ni ban yarda da hukuncinta ba, jadawalin kuma bai tambaye ni ba.

Mataki na 9: Dubawa da ajiya

Ka duba wannan tambaya a dukan takardun kafin ka koma wata, kuma kada ka wuce takarda ashirin da biyar a zama ɗaya, domin bayan haka ido yakan fara neman kalmomi ya daina bin hujja. A ƙarshen kowace amsa ka rubuta makin gida huɗu a rarrabe, misali 2, 5, 8, 2, sannan jimla a cikin da'ira, yadda idan ɗalibi ya kai ƙorafi za a nuna masa inda makin ya tafi. Idan a takarda ta sittin wani ya kawo hujja sahihiya da ba ka tanada ba, ka ƙara ta a jadawalin da kwanan wata, ka koma baya ka duba ko ka hana wani makinta. Da ka gama, sake ɗauko takardu goma na farko, tun da su ne suka gamu da kai kafin hannunka ya zauna.

Kwafin jadawalin da aka gyara shi ne wanda za ka sa wa hannu ka haɗa da takardun da za a kai wa mai dubawa na waje. Ka cire lambobin ɗalibai daga kwafin takardu uku, mai rauni da matsakaiciya da mai ƙarfi, ka ajiye su tare da shi a fayil ɗin darasin, domin wanda zai gaji kwas ɗin ya ga yadda 8 da 11 da 17 suke a rubuce.